Wace rana zan zo da ƙwaryata?



Shekara biyar ke nan ina riƙe da alƙalamin wata ƴar ƙungiya ta taimakon juna a nan Tanut. Ba zan faɗi sunanta ba, don ba talla na zo yi ba. Mu sittin ne a rubuce: malaman lakwal, ƴan kasuwa, direbobi biyu, da ƴan uwa da ke neman kuɗi a Agadas, Libiya da Aljeriya. Ranar da muka kafa ta, ni aka ba aikin rubuta manufa. Na kwana biyu ina gyara, na fito da wannan: "Yaƙi da talauci da inganta rayuwar masu rauni a faɗin Damargu." Da na karanta a taro aka yi tafi. Muka sa aka juya ta da Faransanci, aka buga a saman takardunmu, muka yi hatimi.

Shekara uku muna aiki da wannan magana. Da azumi mu raba sukari da dabino. Wani ya kwanta asibiti mu kai ɗan abin da ya samu. Wata shekara muka sayi kaye da bik na ƴan lakwal, wata shekara tabarmi. Babu wanda ya ci kuɗin kowa, wannan zan iya rantsuwa a kai. Amma in ka tsayar da ni a hanya ka ce me ƙungiyarku ke yi, sai in hau dogon bayani, kuma masu biyan kuɗin wata suna ta raguwa.

Abin da ya farkar da ni ya faru a wani ƙauye da ke yamma da gari, garin su mahaifiyata. Mun je gaisuwa wajen maigari, aka tara mutane a gindin bishiya, na miƙe na karanta manufarmu da murya mai ƙarfi. Da na gama, wata tsohuwa da ke zaune a gefen mata ta ce: "Ɗana, na ji. Allah ya yi albarka. To wace rana zan zo da ƙwaryata?"

Na ce: "Inna, ai ba rabo muka zo yi ba, manufa muka zo bayyanawa."

Ta ce: "To ita manufar, tiya nawa ce?"

Mutane suka yi dariya, ni ma na yi, amma ba ta kai ciki ba. Muna hanyar komawa ina ta juya maganar. Tsohuwar nan ba ba'a take yi ba. Ta ga masu furoje iri iri tun yunwar 1984, ta ga farin da suka cinye gonaki a 2004 da wahalar da ta biyo a 2005. Ta san cewa akwai maganar da ake iya awo da ita, akwai kuma wadda iska ke ɗauka. Manufarmu tana da wata siffa da ban lura da ita ba sai ranar: babu yadda za a yi mu karya ta. Ko buhu ɗari muka raba, ko dabino bakwai, duk "yaƙi da talauci" ne. Maganar da ba ta karyuwa kuwa ba alkawari ba ce, kuma babu dalilin da zai sa wani ya yarda da ita.

Da muka zauna taron komiti, na ce mu aje takardar manufa gefe, mu buɗe kayen kuɗi. Nan muka fara, kuma duk ƙungiyar da ta tambaye ni yau, nan nake cewa ta fara. Mutum sittin, kowa jika ɗaya a wata, a lissafi jika 720 ke nan a shekara. Amma kaye ya nuna masu biya tsakani da Allah ba su wuce arba'in ba, wato jika 480. Sauran kuɗin daga ƴan uwa na waje yake zuwa, galibi da azumi, kuma shekarar da aiki ya tsaya a can, sai ya ragu. Muka duba shekaru ukun: ɗaya mun tara jika 910, ɗaya jika 800, ɗaya miliyan ɗaya da jika 50. Shugabanmu ya so mu ɗauki babbar. Ma'ajinmu, dattijo ne mai awon hatsi a kasuwa, ya ce: "Alhaji, a yi alkawari da shekarar da ta fi muni. In ta yi kyau, ƙari ne." Muka tsaya a kan jika 800.

Sai tambaya ta biyu: da wannan kuɗi, abu ɗaya wane ne za mu yi? Nan aka yi gardama har bayan la'asar. Wani ya ce rijiya, amma kowa ya san zurfin ruwa a ƙasar nan, kuɗinmu ba zai kai ko rabin hanya ba. Wani ya ce magani, amma a cikinmu babu likita ko ɗaya. Abin da muka sani shi ne hatsi. Damargu ƙasar hatsi ce tun zamanin da ayarin Abzinawa ke saukowa su yi awo su koma arewa. Yau ruwan sama ya yi ƙaranci, rumbu kan ƙare tun bazara, kuma matsalar ba ɓoyayya ba ce: da kaka manomi ya sayar da arha don ya biya bashi, da damina ya sayi hatsin nan da tsada, a daidai lokacin da yake bukatar ƙarfin noma. Wani ma sai ya bar gonarsa ya je ƙwadago a gonar wani don ya samu na tuwon dare. Muka yanke cewa ƙaramin bankin cimaka za mu yi: mu saya da kaka, mu aje, mu sayar da sauƙi da damina.

Ga lissafin kamar yadda muka yi shi a allo. Daga jika 800, muka cire jika 100 na mota, da buhuna, da katakon da za a ɗora hatsi, da ɗan ihisanin mai gadi. Muka aje jika 60 don abin da ba a sani ba. Saura jika 640. A kakar shekarar buhu yana jika 20, wato buhu 32. Buhu cikakke tiya 40 ne, amma muka ware buhu biyu saboda ɓera da gara da abin da ke zubewa wurin awo. Saura buhu 30, tiya 1,200.

A nan ne jikin kowa ya yi sanyi. Gida mai mutum bakwai, ko an tsuke, yana cin kamar tiya ɗaya a rana. Daga farkon watan bakwai zuwa lokacin da sabon hatsi zai fara shigowa, sati goma sha biyu ne, kwana 84. In ciyarwa za mu yi gaba ɗaya, gida goma sha huɗu kawai za mu iya ɗauka. Mu da muka rubuta "a faɗin Damargu", daga Gangara zuwa Tenhiya, daga Olelewa zuwa Balbeji, ashe ƙarfinmu gida goma sha huɗu ne. Wani malami a cikinmu ya ce abin kunya ne a faɗi wannan a waje. Ma'aji ya ce: "Malam, kunyar tana ranar da mutum ɗari biyu suka zo da ƙore, mu kuwa na goma sha huɗu gare mu."

Muka nemi tsakiya. Gida 40, kowane gida tiya 30, a raba shi sau shida, tiya biyar duk bayan sati biyu. Wannan kashi ɗaya ne cikin uku na abin da gida ke ci, da ɗan ƙari. Ba ciyarwa ba ce, tallafi ne, kuma muka yarda za mu faɗe shi da wannan suna. Tiya biyar muka zaɓa saboda dalili biyu. Na farko, kuɗinta abu ne da mace za ta iya haɗawa a sati biyu. Na biyu, ba ta kai yawan da wani zai saya ya juya kasuwa ya ci riba ba.

Farashi ma lissafi ya ba mu shi, ba tausayi ba. Jika 640 na hatsi da jika 100 na ɗawainiya, jika 740 ke nan. Ka raba shi da tiya 1,200, kowace tiya ta tsaya mana sefa 617. Muka sa 650, wato dala 130. In mun sayar ƙasa da haka, za a yi mana godiya bana, baɗi kuma babu bankin. Bankunan cimaka da yawa an gina su a ƙauyukan ƙasar nan, kuma duk mai yawo ya ga magazan da ke kulle babu ko ƙwaya a ciki. In ka tambaya, labarin kusan ɗaya ne: an sayar ƙasa da kuɗin saye, ko an ba da bashi ba a biya ba, ko makulli yana hannun mutum ɗaya.

Saboda haka muka ce babu bashi. Amma akwai gidajen da ko sefa 3,250 ba za su iya haɗawa ba. Muka ware gida shida cikin arba'in ɗin, ƙungiya ce za ta biya musu, daga kuɗin watan da aka tara bayan kaka. Gida shida, tiya 30, a kan 650, jika 117 ke nan. Kuma kuɗin a hannu ake sa shi a akwatin banki ranar awo, kamar na kowa. Ta haka sadaka ba ta cinye jari ba. Zancen makulli kuwa, wajen mata muka koyo. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, waɗanda aka fara a jihar Maraɗi a 1991 da tallafin CARE, akwatinsu kwaɗo uku gare shi, makullan a hannun mata uku dabam dabam. Muka yi haka da ƙofar magaza: makulli ɗaya wajen ma'ajinmu, ɗaya wajen wanda ƙauye ya zaɓa, ɗaya wajen shugabar mata.

Ga abin da muka rubuta a ƙarshe, muka karanta a gindin bishiyar nan, muka kuma aika da murya ga ƴan uwa na waje:

Bana, a ƙauye ɗaya, gida 40 za su sayi tiya biyar biyar ta hatsi a kan sefa 650, duk Juma'a ta biyu bayan an sauko masallaci, sau shida, daga Juma'ar farko ta watan bakwai. Jama'ar gari ne za su zaɓi gidajen a bainar jama'a, a karanta sunaye. Gida shida ƙungiya za ta biya musu. Babu bashi ga kowa, har dangin ƴan komiti. Bayan kowane awo za a faɗi tiya nawa ta fita, nawa ta rage, kuɗi nawa ke akwati. Bana ba mu yin rijiya, ba mu sayen magani, ba mu zuwa wani gari. Wanda ya ga an saɓa, magatakarda zai tambaya.

Magatakardan ni ne. Na ji nauyin wannan layi na ƙarshe fiye da duk sauran, don da can in abu ya lalace "ƙungiya" ce, ita kuwa ƙungiya ba ta da ƙofar gida da za a ƙwanƙwasa.

Layin "ba mu yin kaza" shi ya fi jawo mana magana. Wasu membobi uku suka daina biya, don ba garinsu aka zaɓa ba. Wani ya ce na ja abin zuwa garin su uwata. Gaskiya ne garin su uwata ne, kuma na fahimci mai wannan zargi. Dalilanmu su ne akwai ɗakin ajiya da maigari ya ba da aro, mota tana iya shiga ko da damina, kuma muna da wanda zai sa ido kullum. Amma da na san abin da na sani yau, da na fita daga ɗakin lokacin da ake zaɓen garin.

Jarrabawata ta zo daga gida. Ranar zaɓen gidaje, sharuɗɗan da gari ya yarda da su uku ne: rumbu ya ƙare, babu mai aiko da kuɗi daga waje, babu dabbar da za a sayar. Goggona ba ta shiga ba, don ɗanta yana aiko mata daga Libiya. Sai dai a watannin nan aiken ya tsaya. Ana gobe awo na biyu ta same ni, ta ce: "Ɗan nan, tiya biyar kawai, in kaka ta yi in biya. Ashe ba kai ke riƙe da alƙalamin ba?"

Na ce: "Goggo, alƙalamin ne ya hana ni. In na buɗe miki, gobe mutum ashirin za su zo, kowa da goggonsa."

Ba ta ce komai ba, ta tashi. Na je kasuwa na auno mata tiya biyar da kuɗin aljihuna, a kan sefa 900, na aika yaro ya kai. Ta karɓa, amma sai da aka yi wata biyu ba ta amsa gaisuwata da sakin fuska ba. Ba zan ce muku abin bai dame ni ba. Kuma maganarta ta nuna mana rami a tsarinmu: halin gida yana canjawa tsakanin ranar zaɓe da ranar awo. Yanzu muna sake duba sunaye a tsakiyar damina.

Babban tuntuɓe kuwa namu ne. Da kaka mun sayi buhu 32 a ɗinke, muka ƙirga buhuna, muka kulle. Ba mu auna ba. Sati ɗaya kafin awon farko, ma'aji ya ce a kwance a gani. Buhun farko tiya 37. Na biyu 38. Na uku 36. Da muka gama, buhunan sun tashi tiya 1,184 maimakon 1,280 da muke zato. Ga kuma buhu biyu da suka jingina da bango, gara ta shiga, muka yi asarar tiya 64. Abin da ya rage mai kyau tiya 1,120. Ka raba da gida 40, tiya 28 ke nan, ba 30 ba. Buhu biyun da muka ware don asara ba su isa rufe ramin ba.

Aka kawo shawara iri biyu. Wani ya ce a riƙa shafe bakin tiya wurin awo maimakon a tsora ta, babu wanda zai gane. Ma'aji ya ce matan da ke daka kullum, da hannu suke gane nauyin ƙwarya, kuma ko ba su gane ba, tauye mudu ne. Wani ya ce a ɗauki jika 60 na ajiya a cika daga kasuwa. Tiya 80 a kan 900 jika 72 ne, ajiyar ba ta ma isa ba, kuma da mun shiga kaka hannu wofi. Muka zaɓi hanya ta uku. Ranar awon farko, kafin a buɗe ƙofa, na miƙe na ce: "Jama'a, mun ce tiya 30, abin da ke ciki 28 ne. Laifinmu ne, mun sayi buhu ba mu auna ba, mun kuma jingina da bango. Awo biyar za ku samu biyar biyar, na ƙarshe uku uku."

Na yi zaton za a yi hayaniya. Wani dattijo ya yi faɗa, kuma yana da gaskiya. Amma tsohuwar nan tana layi da ƙwaryarta, ta ce: "Ɗana, ka faɗa tun da sauran lokaci, za mu san yadda muka yi. Wanda ke kashe mutum shi ne ka zo ranar ka tarar da ƙofa a kulle."

A ƙarshen damina akwati ya tashi jika 728, wato tiya 1,120 a kan 650. Mun kashe 740, saboda haka mun faɗi da jika 12. Na karanta wannan ma a taro, na aika wa na waje da murya. Abin da ya ba ni mamaki, a watan da na faɗi asarar ne mutum tara da suka daina biya suka dawo. Ɗaya daga cikinsu, direba ne, ya ce mini: "Malam, da can ban san inda jikata ke zuwa ba. Yanzu na san tiya ɗaya da rabi ce."

Mun gyara abu uku. Ba mu ƙara sayen buhu a ɗinke ba, a gabanmu ake aunawa tiya tiya, a duba yashi da dusa. Buhuna suna kan katako, da tazarar da mutum zai iya wucewa tsakaninsu da bango, kuma duk wata masu makulli uku suna buɗewa su duba. Na uku, ba mu faɗin yawan tiya sai hatsi ya shiga magaza an auna. Wannan yana da muhimmanci, don shekarar da damina ba ta yi kyau ba, tun da kaka buhu ke tsada, jarin da ya sayi buhu 32 bara ba zai saye su bana ba. Shi ya sa alkawarinmu na shekara ɗaya ne, kowace kaka a sake lissafi. In kuma hatsin gwamnati mai rangwame na OPVN ya iso yankin, muna ce wa mutane su fara da shi, namu ya jira, don ba gasa muke yi ba.

Kada wani ya ɗauka mun magance yunwa. Tiya 30 ba ta hana matashi tafiya Libiya, ba ta warkar da yaron da tamowa ta kama, wannan asibiti za a kai shi. In shekara irin 2005 ta dawo, ɗan bankinmu ba zai tsaya a gabanta ba. Abin da na gani da idona shi ne wasu magidanta sun yi noman farko a gonakinsu maimakon gonar wani.

Tsohuwar manufar tana nan a saman takardunmu, ba mu goge ta ba, ofis yana son ganinta. Amma in ƴan wata ƙungiya suka kawo mini tasu in duba, sai in ce su karanta wa wata tsohuwa a unguwarsu, su ga ko za ta iya gane wa za a ba, me za a ba shi, nawa, wace rana, da ƙofar wanda za ta ƙwanƙwasa in ba a yi ba. In ta kasa, su koma su buɗe kayen kuɗi.

Goggo ta sake amsa gaisuwata. Bara da aka sake duba sunaye, gari ya sa ta a cikin arba'in ɗin, ni ina waje lokacin da aka yanke. Bana in Allah ya kai mu kaka, za mu auna, mu faɗa muku tiya nawa ce. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mu da saɓa alkawari.